Taken da Na Rubuta wa Masu Tara Goruna

Matasan unguwarmu sun kafa ƙungiyar tara gorunan roba daga gidaje da ƙananan shaguna, suka roƙe ni in rubuta musu taken da za su liƙa a jikin kurarsu. Na ba su "Gora kuɗi ce", ina jin daɗin gajartarsa.

Mako bai cika ba wata dattijuwa ta kawo buhu maƙil, tana sa ran kuɗin cefane. Gorar ruwa ba ta da nauyi, sai an tara gommai kafin su kai kilo ɗaya, kuma da kilo ake saye. Aka ware waɗanda suka sha manja, domin maiƙo yana ɓata robar idan an niƙa ta. Da ta ga abin da aka miƙa mata, sai ta ce da ni: "Malam, ai mai zoɓo ta fi ku saye." Gaskiyarta. Mai zoɓo ƙirga lafiyayyun goruna take yi ɗaya bayan ɗaya. Tun daga ranar maƙwabtanta suka daina buɗe wa yaran ƙofa.

Laifin na takena ne: ya yi alkawarin da sikeli ba zai iya cikawa ba, bai kuma faɗa wa kowa abin da zai yi ba. Na sauya shi zuwa "Ɗauraye, murƙushe, mu auna mu biya". Bai kai na farko daɗin faɗa ba, na sani. Amma murƙusasshiyar gora ba ta cinye wa mai shago wuri, kuma wanda ya ji "mu auna" ya san awo zai tarar. Dattijuwar dai har yau mai zoɓo take kai wa.