Yadda “akul” ta cece mu

Mu uku ne a benci ɗaya, kuma mun riga mun cika wa malamin Hausa baki cewa kafin Juma'a za mu kawo murabba'in kalmomi a manna a allon labarai. Gida 16 ne, huɗu a kwance huɗu a tsaye, kuma kalmar da aka karanta a layin farko a kwance ita za a karanta a layin farko a tsaye, haka har layi na huɗu.

Muka fara da RAWA. Da muka rubuta ta a kwance da a tsaye, sai muka ga ta riga ta yanke mana hukunci: dole kalma ta biyu ta fara da A, ta uku da W, ta huɗu da A. Muka sa ANGO a layi na biyu muna murna. Ashe G ɗinta za ta faɗo kusa da W, kalma ta uku ta fara da WG. Ina aka taɓa jin haka a Hausa? ASKI ma ta ba mu WK. Muka yi ta gogewa har takarda ta huje.

Ranar Laraba muka gane inda gizo ke saƙa. Yawancin kalmominmu baƙi ne da wasali, baƙi da wasali, kamar rawa. In layi na ɗaya da na uku suka bi wannan tsari, tilas na biyu ya fara da wasali ya ƙare da baƙi, irin waɗannan kuwa ba su da yawa. Ashe da masu wuyar samu ya kamata mu fara.

Muka haɗa MATA, AYAR, TARO, ARON, muka ruga wurin malam. Ya duba ya ce, “Ayar wa? Aron me? Kalmar da ke jiran wata ba ta tsaya da ƙafarta ba.” Gwiwarmu ta yi sanyi.

Da muka koma aji, ɗayanmu ya miƙa hannu zai yaga takardar, na kusa da shi ya daka masa tsawa, “Akul!” Muka kalli juna. Wasali a farko, baƙi a ƙarshe! L ɗinta ta zama harafi na biyu a layi na huɗu, sai ALIF ta zo. Layi na uku ya samu W, U, gida ɗaya fayau, sannan I. Muka cike da R.

R A W A
A K U L
W U R I
A L I F

Har yau muna gardama, domin ɗayanmu ya nace WUNI ta fi daɗi, ita ma kuwa ta zauna daidai.