Rana Ta Riga Mu Fitowa A Gabas

Yau zan ba ku labarin abin da ya same ni a hutun makaranta da ya wuce, domin wadda tafiya mai nisa ta kama ta kada ta sha wahalar da na sha.

Yayata tana aure a Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, inda mijinta yake karatu. Da ta haihu sai aka ce in je in taya ta zama mako 3. Na bar Funtuwa a mota, na hau jirgin sama a Kano, muka canja wani a hanya, har muka sauka lafiya.

To, kun san rana daga gabas take fitowa, saboda haka mutanen gabas su kan riga mu ganinta. Makka tana gabanmu da awa 2, shi ya sa alhazai ba su cika kuka da wannan ba. Amma Malesiya awa 7 ce cur. Watau in matar Malumfashi tana sallar azahar ƙarfe 2, su can ƙarfe 9 ne na dare.

Agogon hannu a kan juya shi nan take. Amma akwai wani agogo cikin jikin ɗan Adam, wanda ke kawo barci da yunwa a kan lokacinsu, shi kuwa ba ya jin gaggawa. In gabas aka nufa, misalin awa 1 kaɗai yake gyarawa kowace rana. Ashe ni kusan mako guda nake bukata, ban sani ba.

Daren farko kowa ya kwanta ƙarfe 10, ni kuwa idona biyu, domin a Funtuwa ƙarfe 3 ne na yamma. Barci bai zo ba sai wajen ƙarfe 5, watau 10 na darenmu. Asubarsu kuwa wajen ƙarfe 6 ce. Ban farka ba sai bayan azahar. Kwana 3 a jere ina makara sallar asuba, ga ciwon kai, ga rashin cin abinci, sai tsakar dare yunwa ta taso. Mai jego ce ta koma tana yi mini hidima. Ran nan na ji ta ce, "Ke dai barci kika zo yi, ko taimako?" Na ce, "Yaya, wallahi ba da gangan ba ne." Kunya ta kama ni ƙwarai.

Wata maƙwabciyarta, ma'aikaciyar jinya, ita ta nuna mini kuskurena. Ta ce dogon barcin rana shi ke riƙe jikina a lokacin gida. Ga abin da ta koya mini.

Babban maganin shi ne hasken rana, amma da lokacinsa. Kwanakin farko, in na yi asuba in koma in kwanta a ɗaki mai duhu har wajen ƙarfe 10. Dalili kuwa, hantsinsu tsakar daren jikina ne, hasken da ya shiga ido a lokacin sai ya ƙara ja da agogon baya. Daga ƙarfe 11 in fita waje, in yi shanya, in taka zuwa kasuwa. Kowace rana in riga jiya tashi da awa 1.

In barci ya rinjaye ni da rana, kada ya wuce rabin awa, a tashe ni ko ina so ko ba na so. Shayi da goro kuwa in bar su daga azahar. In ci abinci tare da mutanen gida ko da loma kaɗan ce, in yawaita shan ruwa. Da dare a kashe fitila, kada in ɗauki waya ina hira da mutanen gida, su da rana ba ta faɗi musu ba.

Cikin kwana 5 na koma tashi asuba da kaina, har ni ke ɗora ruwan wankan jariri.

Da na sani, da tun a gida na fara kwanciya da wuri, awa 1 kowane dare, kwana 3 kafin tafiya. Kuma kada ku sa ziyara ko sayayya mai nisa a kwana 2 na farko. Wadda take shan magani a kan ƙa'ida, kamar na ciwon sukari, lalle ta tambayi likita yadda za ta jera lokutansa kafin ta tashi.

Dawowa ta fi sauƙi, domin jiki ya fi yarda da jinkirta barci bisa ga gaggauta shi. Sai dai na yi 'yan kwanaki ina gyangyaɗi tun magariba, ina riga zakara tashi.

Ku 'yan makaranta, ga lissafi: in ƙarfe 7 ne na safe a Funtuwa, ƙarfe nawa ne wurin Yaya?

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo da su lafiya, amin.