Lita 300 da kalmar "sata"

Takardar ƙorafi a kan abokin aiki, daga ranar da ta shiga sashen kula da ma'aikata, ta bar hannun wanda ya rubuta ta. Shugaban sashen zai karanta, daga cikinta za a tsamo takardar neman bahasi da za a miƙa wa wanda aka ambata, kuma idan magana ta kai ga sallama ya garzaya Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, lauyansa zai bi ta kalma bayan kalma. Shi ya sa nake ganin babban aikin mai kai rahoto shi ne ya raba abin da idonsa ya gani da abin da zuciyarsa ta yanke.

A wani kamfani da na yi aiki a sashen kuɗi, wata matashiyar ma'aikaciya ta kawo mini daftarin da ta rubuta a kan mai kula da sito. Jimlar farko ta ce mutumin ya daɗe yana satar man dizal na janareta tare da haɗin bakin direban tanka, kuma kowa ya sani. Na tambaye ta wanne daga cikin waɗannan ta gani da idonta. Ta ce, "Hajiya, ai lissafin ne bai fita ba." To, lissafin shi ne rahoton, sauran duk zato ne, ko da zaton ya zo ya tabbata.

Abin da ke hannunta ya fi zargin ƙarfi. Rasit ɗin ranar 4 ga wata ya nuna an karɓi lita 1,000, da sa hannun mai kula da sito. Littafin awon tanki kuwa ya nuna lita 200 kafin a sauke man, lita 900 bayan an sauke, wato 700 ne suka shiga. Irin wannan giɓi ya sake bayyana a ranakun 15 da 26. Muka sake rubutun a kan haka: kwanan wata, lambar rasit, adadin da ke kan rasit, adadin da awo ya nuna, da sunan wanda ya sa hannu. Ta rufe da cewa ba ta sami takardar da ke bayyana bambancin ba, tana roƙon a bincika.

Kalmar "sata" tana ɗauke da niyya, niyya kuwa ba a ganinta a kan rasit. Giɓin lita 300 zai iya fitowa daga sandar awo da ba ta dace da tankin ba, ko daga man da aka zuba kai tsaye a janareta ba a rubuta ba, ko daga direban da ya rage kaya tun a hanya. Wanda ya rubuta "sata" ya ɗauki nauyin kore duk waɗannan, kuma idan ɗaya ya tabbata, shi ne zai koma kare kansa daga ƙarar ɓata suna. Wanda ya rubuta giɓin kawai ya bar wa mai bincike aikinsa. "Kowa ya sani" ma mun cire, domin tambayar farko da za a yi ita ce su wa, kuma mutanen da suka yi maganar a wurin cin abinci ba safai suke maimaita ta gaban kwamiti ba. Idan dole a sa abin da aka ji, a faɗi wanda ya faɗa da ranar, bayan an nemi yardarsa.

Sai dai akwai wani ramin a ɗaya ɓangaren, kuma mu da aka rena a kan rufin asiri da tsoron a ce mun raba wani da abincinsa mun fi faɗawa cikinsa. Mutum zai yi ta sassautawa har ya rubuta cewa kamar an ɗan sami 'yar matsala a harkar mai, babu suna, babu rana, babu adadi. Irin wannan takarda fayil ake sa ta a manta. Rashin zargi bai hana ambaton sunan wanda ya sa hannu ba, domin sa hannun abu ne da ke kan takarda, kowa zai iya dubawa.

Ta haɗa kwafin rasit uku da shafukan littafin awo, waɗanda aikinta ya ba ta damar gani, ta bar na asali a inda suke. Ba ta tura wa kowa kwafi ba sai ofishin da dokar kamfani ta ambata, ta kuma sa aka buga mata hatimin karɓa da kwanan wata a kan nata. Bayan mako guda aka ba mai kula da sito takardar neman bahasi, tambayoyin cikinta kuma su ne ranakun nan uku da adadinsu.