Burauzar da ba ta da fuska: darasi daga Dutsin-Ma

Duk wanda ke aikin bincike a Dutsin-Ma ya san cewa ba a dogara da wutar lantarki wajen aikin da dole ne ya gudana kowane dare. Shi ya sa da yawa daga cikinmu muke hayar sabar, wato kwamfutar da ke zaune a wata cibiya mai nisa, ba ta da allo kuma ba a kashe ta. Sai dai a nan ne ake gamuwa da wani abin ɗaure kai: manhajar da ta yi wata guda tana aiki lafiya a kan teburinka, da zarar ka mayar da ita can sai ta canza hali, alhali ko harafi ɗaya ba ka taɓa ba. Abin da nake son nunawa shi ne, galibi ba manhajar ce ta sauya ba, muhallinta ne ya sauya, kuma akwai hanyar gane hakan ba tare da kame-kame ba.

Wata ɗalibata 'yar Kurfi tana nazarin farashin masara da gero a kasuwannin jihar Katsina. Akwai wani shafin intanet, wanda ba zan ambaci sunansa ba, da ke wallafa farashin kullum, amma ba ya ajiye na fiye da mako guda. Ranar da ta wuce ba a kwasa ba, ta tafi ke nan. Na rubuta mata 'yar manhaja da Selenium, wadda ke tuƙa burauzar Chrome kamar yadda mutum zai yi: ta buɗe shafin, ta danna maɓallin farashin jiya, ta sauke jadawalin. A kan sabar kuwa babu allon da za a buɗe taga a kai, don haka ana kunna Chrome a yanayin da ake kira `headless`, wato tana yin komai a ɓoye. Wannan yanayi ya shigo ne da Chrome 59 a 2017. Na tsara cewa kwamfutar ofis da sabar za su yi aikin tare har mako guda, muna gwada sakamakonsu, kafin mu sallama wa sabar.

Daren farko sabar ta tsaya da saƙon `ElementNotInteractableException`. Ma'anarsa ita ce maɓallin yana cikin shafin, amma ba ya dannuwa. A irin wannan hali mutane kan yi ta ƙara daƙiƙun jira, suna zaton jinkirin intanet ne. Gani ya kori ji. Burauzar ba ta da fuska, amma tana iya ɗaukar hoton abin da take gani, saboda haka na sa ta ɗauka a daidai inda ta tsaya:

```python
driver.save_screenshot("hoto.png")
print(driver.get_window_size())
```

Hoton ya nuna shafin da ban taɓa gani ba. Jerin maɓallan da ke shimfiɗe a sama ya ɓace, sai 'yan layuka uku a kusurwa, irin waɗanda muke gani a waya. Dalili kuwa, idan ba a faɗa mata girman taga ba, Chrome marar fuska tana ɗaukar faɗin fiksel 800 da tsayin 600. Allon ofishina faɗinsa 1366 ne. Shafukan zamani suna auna faɗin taga, idan ya gaza wani ƙa'idajjen adadi sai su naɗe maɓallansu su ɓoye. Shafin ya ɗauki sabar a matsayin ƙaramar na'ura. Maganin layi biyu ne:

```python
opts.add_argument("--headless=new")
opts.add_argument("--window-size=1366,768")
```

Layin farko ma yana da tarihi. Tsohon yanayin ɓoye kusan wata burauza ce ta daban da ke da nata halaye, sai a 2023, da Chrome 112, aka fito da sabon da yake ainihin Chrome ɗin da kowa ke amfani da ita. Wanda sabar tasa ke ɗauke da tsohuwar Chrome, to ya sani ba burauza ɗaya yake gwadawa ba. Umarnin `google-chrome --version` a kan kwamfutocin biyu zai raba gardama.

Matsala ta biyu ta fi haɗari, domin ba ta yi ƙara ba. Manhajar ta gama aikinta, ta ajiye jadawali, babu saƙon kuskure ko ɗaya. Da muka jera sakamakon kwana uku, sai ɗalibar ta lura cewa farashin da sabar ta rubuta wa Talata shi ne wanda kwamfutar ofis ta rubuta wa Litinin. Aikin yana tashi ne da ƙarfe 12:30 na dare agogon Nijeriya. Sabar kuwa, kamar yawancin irinta, tana bin agogon duniya na UTC, wanda muke gabansa da awa ɗaya. A wurinta ƙarfe 11:30 ne, ranar ba ta juya ba tukuna. Shafin yana lissafa “jiya” ne daga agogon burauzar mai ziyara, don haka jiyan sabar shekaranjiyarmu ce, yayin da manhajar ke sa wa fayil suna da kwanan watan Nijeriya. Na tabbatar da haka ta hanyar tambayar burauzar kanta da `new Date().toString()`, na kuma gyara da sanya `TZ=Africa/Lagos` kafin a kunna ta. Da wannan ya wuce ba a gani ba, da farashin kowace ranar kasuwa ya koma kan washegarinta, kuma da an gina babi guda na kundin digiri a kan tubalin toka.

Ta uku ta shafe mu ne a matsayinmu na masu rubutu da Hausa. Muna ajiye hoton shafin kowace rana a matsayin shaida, sai ga sunaye irin su Ƙanƙara da Ɗanja sun fito da 'yan akwatuna a gurbin haruffa masu lanƙwasa. Kwamfutar tebur tana zuwa da zubin haruffa masu yawa, sabar kuwa akan girka ta da kaɗan ƙwarai. Rubutun da ke cikin jadawalin lafiyarsa ƙalau, zana shi ne ya gagara. Lambar harafin ƙ a tsarin Unicode ita ce 0199, kuma ana iya tambayar sabar ko tana da zubin da ya ƙunshe shi:

```
fc-list ":charset=0199"
```

Amsa ta dawo wayam. Da aka girka `fonts-noto-core`, haruffanmu suka bayyana.

Akwai iyakar da ya kamata a sani. Wani lokaci hoton zai nuna cewa shafin ne da kansa ya rufe ƙofa, ko don ya ga adireshin cibiyar sabar, ko don burauzar ta bayyana kanta da sunan `HeadlessChrome`. Wannan ba lalacewa ba ce, hukuncin masu shafin ne, kuma abin da ya dace da mai bincike shi ne ya rubuta musu ya nemi izini, ba ya sa wa manhajarsa rawanin aro ba.

Ga ɗaliban da za su bi wannan hanya, tsarin a taƙaice shi ne: a fara kunna yanayin ɓoye a kan kwamfutar tebur. Idan matsalar ta bayyana a nan, to daga yanayin ne. Idan ba ta bayyana ba, daga sabar ne. Sannan a sa kowace ta faɗi girman tagarta, da lambar burauzarta, da agogonta, a sauya abu ɗaya a lokaci guda. Kada kuma a yarda da sabar don kawai ta yi shiru, sai an gwada alƙalumanta da na kwamfutar da ido ke gani.