Motar bashi: yadda ake raba ruwa a kan kowane zubi

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. To amma bashin mota ya bambanta da bashin buhun gero, domin shi yana tafe da ruwa, kuma ruwan ɓoye yake a cikin kuɗin da ake zubawa. A nan ne ƴan kasuwa da dama na ƙasar Adar suke tuntuɓe, ba don rashin gaskiya ba, sai don littafinsu bai nuna masu abin da motar take ci ba.

Mu ɗauki misalin wani ɗan kasuwa na Tebaram, mai ɗauko sukari da shayi da shinkafa daga birnin Tawa, ya koma can da wake da awaki. Ya gaji da biyan kuɗin lodi, sai ya nemi mota mai buɗaɗɗen baya. Farashinta hannu da hannu miliyan 5 ne na sefa. Ya ba da kafin alƙalami miliyan 1 da jika 690, saura miliyan 3 da jika 310. Aka yi yarjejeniya zai yi zubi sau 3, shekara-shekara, kowane zubi miliyan 1 da jika 331, kuma motar tana nan mallakar mai sayarwa har sai an yi zubin ƙarshe. Wannan ita ce hayar da ke ƙarewa da saye.

Idan aka tara zubin nan 3, za a samu miliyan 3 da jika 993. A cire ainihin bashin, sai jika 683 su rage. Waɗannan su ne ruwa, ko da mai sayarwa ya kira su riba ko ladan jira. Ba kuɗin mota ba ne, kuɗin lokaci ne.

Tambaya ta farko ita ce: yaya za a rubuta motar da ba ta zama taka ba tukuna? Ƙasar Nijar tana cikin ƙungiyar OHADA, wadda aka sa hannu kan yarjejeniyarta a shekarar 1993. Tsarin lissafinta da aka sabunta, wato SYSCOHADA, ya fara aiki ranar 1 ga watan Janairu na 2018, kuma ya fi duba wanda ke cin moriyar kaya yana ɗaukar asararsa, bisa ga wanda sunansa ke kan takarda. Wanda zai sayi taya, ya biya makaniki, ya kwana a daji idan motar ta kafe cikin rairayi, shi ne zai sa ta cikin dukiyarsa. Saboda haka tun ranar da aka miƙa masa makulli, kwantabul zai rubuta miliyan 5 a asusu mai lamba 245, na kayan sufuri. A ɗaya gefen kuma zai nuna miliyan 1 da jika 690 da suka fita daga akwati, da bashin miliyan 3 da jika 310 a asusu mai lamba 17. Ruwa ba ya shiga farashin mota. Wanda ya rubuta miliyan 5 da jika 683 ya kumbura dukiyarsa da kuɗin da ba wanda zai ba shi ranar da ya kai motar kasuwa.

Tambaya ta biyu ita ce ta rabon jika 683 a kan shekaru 3. Hankali yakan ce a raba su daidai, kimanin jika 228 kowace shekara. Amma ruwa yana bin abin da ya rage na bashi ne, kuma bashin ya fi nauyi a farko. A wannan misali ruwan kashi 10 ne cikin 100 a shekara.

A shekarar farko ɗan kasuwa yana riƙe da miliyan 3 da jika 310 na mutane, don haka ruwan ya kama jika 331. Da ya yi zubi, sai a cire waɗannan, a ga miliyan 1 ne kaɗai ya rage bashin, saura miliyan 2 da jika 310. A shekara ta biyu ruwan ya sauka zuwa jika 231, abin da ya tafi ga uwar kuɗi kuwa ya hau zuwa miliyan 1 da jika 100, saura miliyan 1 da jika 210. A shekara ta uku ruwan jika 121 ne kawai, kuma abin da ya rage na zubin ya share bashin sarai. Zubin bai canza ba ko sau ɗaya, amma abin da ke cikinsa ya canza: ruwa na raguwa, biyan uwar kuɗi na ƙaruwa.

A littafi, kowane zubi gida biyu yake tafiya. Ruwa ya shiga asusu mai lamba 672, inda zai rage ribar shekarar, sauran kuma ya shiga asusu 17 ya rage bashi. Hanyar gane ko lissafin ya yi kyau mai sauƙi ce. A tara 331 da 231 da 121, dole su ba da 683, kuma bayan zubin ƙarshe dole asusun bashi ya tashi babu ko dala.

Me zai faru ga wanda ya raba daidai? A shekarar farko littafinsa zai nuna masa ribar da ta ɗara ta gaskiya da kimanin jika 103, ya kuma nuna bashin da ya gaza na gaskiya da adadin nan. Idan kasuwar dabbobi ta yi masa kyau, ya je Tawa da niyyar biyan sauran gaba ɗaya, zai tarar da takardar mai sayarwa da tasa ba su yi daidai ba. Daga nan gardama take tashi. Shi ya sa ya kamata tun kafin a sa hannu ya nemi jadawalin da ke nuna ruwa da uwar kuɗi na kowane zubi, ya kuma duba ko yarjejeniyar ta yafe sauran ruwa ga wanda ya biya da wuri, domin ba kowace ba ce take yafewa.

Akwai kuma batun wata. Littattafai ranar 31 ga Disamba ake rufe su, zubi kuwa ba lallai ne ya faɗo ranar ba. Idan an karɓi motar a farkon Yuli, to zuwa ƙarshen shekara ruwan wata 6 ya riga ya hau, kimanin jika 165 da rabi, ko da ba a biya komi ba. Sai a rubuta shi a cikin kashe-kashen wannan shekara, a nuna shi a matsayin bashin da ke jiran biya.

Sai kuma tsufan mota. A kan miliyan 5 ake lissafa shi, ba tare da ruwa ba. Idan an ƙiyasta hanyoyin karkara za su gajiyar da ita cikin shekara 4, ana cire miliyan 1 da jika 250 kowace shekara. Ke nan a shekarar farko motar ta ci miliyan 1 da jika 581, tun ba a zo ga mai da taya da albashin direba da inshora ba.

Wannan adadi shi ne ya kamata ɗan kasuwa ya aza kusa da abin da motar ta shigo da shi. Haka ma ma'aikacin gwamnati da ke sayen mota ana zare masa daga albashi kowane wata: lissafin ɗaya ne, sai dai layukan jadawalin sun fi yawa. Idan kuɗin lodin shekara bai rufe wannan adadi da sauran hidimomi ba, to jarin shago ne yake biyan motar, ko da kuwa zubi bai taɓa makara ba.