Ranar da taliya ta ƙare mana

1/ In ba ni da lacca, shagon yayana nake zama a Aliero. Makon da ɗalibai suka dawo hutu, taliya ta ƙare ƙaf. Kwastomomi suka koma maƙwabta, wasu har yau shiru.

2/ Da, sai kanta ta yi wayam Yaya ke kiran dila a Jega. Na duba littafin ciniki: leda 8 ke fita a rana. Daga haɗa kuɗi zuwa saukar kaya, kwana 3 ne. 8×3=24.

3/ Amma ranar cunkoso har 12 ke fita. Ƙarin 4 ɗin nan sau kwana 3, 12 ke nan, na ko-ta-kwana. 24+12=36. Da zarar saura 36, a kira Jega.

4/ Na sa Excel ya riƙa tuna mana. B2 shi ne abin da ya rage, C2 kuma 36 ɗin:

```
=IF(B2<=C2,"SAYO","")
```

5/ Kuskurena na farko: na lissafa har kwanakin da babu taliyar, sai cinikin rana ya faɗi zuwa 6. Kwanakin nan cire su ake yi, don ba masu saye aka rasa ba.

6/ In an tafi hutu, a sake lissafi. In ba haka ba, jari ya kwanta a kanta.