Wa Zai Kawo Man Janareta?

A gidan rediyon da nake aiki a Gadarif, takardun ofis da Larabci suke zuwa, kuma yawancinsu da "yurja" ko "tamma" suke farawa, wato "ana roƙo" da "an yi". Mu ma a sashen Hausa sai muka bi sawu: an yanke shawara, ana buƙata, za a duba. Ban ga aibin haka ba sai da ya ja mana asara.

Lokacin kakar riɗi ne, manoma suna jiran shirina na yamma don su ji farashin riɗi da dawa a kasuwar amfanin gona. Ni da hannuna na manna wannan sanarwa a allo: "Saboda yawan ɗauke wuta, an ga ya dace a tanadi man janareta kafin ranar Alhamis, kuma za a sanar da waɗanda abin ya shafa." Ranar Alhamis ina tsakiyar karanta farashi wuta ta ɗauke, janareta kuma babu ko ɗigon mai. Ma'aji ya ce yana jiran direba ya zo karɓar kuɗi. Direba ya ce ba wanda ya aike shi. Injiniya ya ce ya zaci an riga an kawo. Dukansu sun karanta takardar, amma babu wanda ya ga kansa a cikinta.

Tun daga ranar, duk inda na rubuta "an", "a" ko "za a", sai in tsaya in tambayi kaina: wa? Idan na san amsar, sai in sa mutumin a farkon jimla, aikinsa ya biyo baya, sannan lokaci. Ga yadda sanarwar ta koma: "Ma'aji zai ba direba kuɗin dizal jarka 2 ranar Talata da safe. Direba zai kai wa injiniya man kafin azahar ranar Laraba. Injiniya zai gwada janareta, ya kira ni kafin la'asar." Da na zo rubuta jimlar farko na gane ni ma ban san wa ke fitar da kuɗin mai ba, sai da na je na tambayi shugabanmu. Ashe "an" ɗin nan har jahilcina yake rufewa.

Ban daina amfani da shi gaba ɗaya ba. Bahaushe yana sakaya suna da "an" don kunya da kara. Idan dattijo ya manta ƙofar ɗakin shirye-shirye a buɗe, nakan rubuta "an bar ƙofa a buɗe", don tona masa asiri ba zai gyara komai ba. Amma aikin da ake jira gobe, dole ya ɗauki sunan mai yin sa. Jimla ta gaba sai ta ce: "Mai gabatar da shirin ƙarshe zai kulle ƙofa, ya miƙa wa maigadi makulli."